Marin Gwaggo Tafasa

Shekara ashirin Gwaggo Tafasa tana rainon 'ya'yan mutane, hannuwanta duk tabon ƙuna. A wurinta, kwalbar jariri ba ta ganin madara sai ta yi minti goma tana tafasa a tukunya.

Rannan jaririyar ɗan ƙaninta ta tsala kuka, madara kuwa da zafi. Gwaggo na juyowa ta ga uban zai surka madarar da ruwan famfo. Ta kwaɗa masa ludayi a hannu, ta bi shi da mari har leɓensa ya fashe.

"Gwaggo, kashe ni za ki yi?"

"Rufe kwalbar ake yi, a tsoma gindinta cikin ruwan sanyi, sakarai!" Ta karɓe kwalbar. "Haka na surka wa ɗan farina. Kwana uku yana gudawa, a na huɗu aka binne shi."