Layi Biyar a Kan Amoniya

Ni dai ban taɓa jin tsoron kemistiri ba sai da na je Guangzhou. A Kano malaminmu na sakandare yakan ɗaga takardar amsata gaban aji ya ce a duba yadda ake rubutu, shafi uku cur a kan tambaya ɗaya. Haka ya koya mana: ka fara da ma'anar abu, ka kawo wanda ya gano shi, ka jero ire-irensa, sannan a hankali ka gangaro kan abin da aka tambaye ka. Yakan ce amsar da ba ta da gabatarwa kamar shiga gidan mutane ce ba sallama. Da wannan tarbiyya na sami tallafin karatun likita, da ita kuma na faɗi jarrabawar zangon farko.

Takardar jarrabawarsu a can daban take. Ƙarƙashin kowace tambaya akwai akwati mai layi biyar, a sama kuma an rubuta cewa duk abin da ya fita daga akwatin ba za a duba shi ba. Na karanta, na ɗauka irin gargaɗin nan ne da ake yi don a yi. Da sakamako ya fito aka ce saura mini dama ɗaya, jarrabawar gyara a farkon zango na biyu. In na kai maki sittin in ci gaba, in ban kai ba tallafi ya tsaya, kuma babu mai iya riƙe ni a wannan makaranta.

Hutun nan a unguwar Sanyuanli na yi shi, a ɗakin kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ke sayen tufafi a kasuwar Baima yana aikawa Kantin Kwari. Abokin karatuna, wani ɗan Maraɗi da ya ci jarrabawar tun farko, shi ya ɗauki nauyin zuwa kullum bayan azahar. Yakan zauna a kan dilar kaya, ya zana akwati a bayan kwali, ya miƙo mini.

"Ruwa," in ji shi. "Faɗa mini siffarsa, ka faɗa mini ko fola ne, wato ko cajinsa ya rinjaya gefe ɗaya. Layi biyar."

Na fara: haibiridaizeshan shi ne cakuɗuwar obital, wato mazaunan ilektaron, na atam guda don a sami sababbi masu kama ɗaya. Ya fizge biron.

"Bakano, wa ya tambaye ka? Kai ko gobara za ka kai rahoto sai ka tambayi lafiyar iyali. Ƙirga kawai."

Ƙirgar ba ta da wuya, shi ne abin da ke ci mini rai har yau. Ka dubi atam ɗin tsakiya, ka ƙirga gungun ilektaron da ke kewaye da shi, waɗanda suka ƙulla haɗi da wani atam da kuma tagwayen da ke zaune ba su haɗa da kowa ba. Gungu biyu sp ne, uku sp2, huɗu sp3. Duk suna ture juna, kowa na neman nesa da ɗan'uwansa, amma tagwayen zaune sun fi cin wuri, sun fi turi. A ruwa oksijin na da haɗi biyu da tagwayen zaune biyu, huɗu ke nan, sp3. Sai dai siffa da atam ake faɗinta, ba a sa tagwayen zaune a suna, don haka ruwa lanƙwasasshe ne, kusurwarsa wajen digiri ɗari da huɗu da rabi. Oksijin ya fi haidirojin jan ilektaron, kuma tunda abin a lanƙwashe yake jan ba ya soke juna. Fola ne.

Kawu yana gefe yana ɗaure kaya, ba ya gane komai, amma yakan ce, "Ɗana, ka ji maganar mutumin nan. Ni ma da na zo sai na tsaya gaida laoban, mai shago, har wani ya saye kayan ina tsaye." Muka yi sati uku a haka. Na cika kwalaye da akwatuna har hannuna ya saba, ko dai na ɗauka ya saba. Ranar Juma'ar ƙarshe muka je masallacin Huaisheng, na roƙi Allah abu ɗaya tak.

Ranar jarrabawa, tambayar da ta fi maki ta zo kamar an aiko mini ita: a kwatanta amoniya da BF3, wato boron ɗaya da fulorin uku, kowanne haɗi uku gare shi, me ya sa ɗaya fola ne ɗaya ba fola ba. Wallahi na san ta kamar sunana. Daɗi ya kama ni, kuma daɗin ne ya kashe ni, don na ji ina so malamarmu ta kemistiri ta ga cewa ba ƙirga kawai na iya ba, na san abin daga tushe. Na ce layi ɗaya dai na gabatarwa ba zai ɓata komai ba. Ya zama biyu da rabi. A sauran na matse BF3: boron gungu uku, ba tagwayen zaune, sp2, shimfiɗaɗɗen alwatika mai digiri ɗari da ashirin, jan fulorin uku ya soke juna, ba fola ba. Na ɗago biro, akwati ya cika. Biro ne, ba ya goguwa, kuma ba a ba da takarda ta biyu. Sai na ƙanƙanta rubutu na zuba amoniya a ƙarƙashin layin: naitirojin haɗi uku da tagwayen zaune ɗaya, sp3, tagwayen sun danne haɗin uku sun zama dala mai kusurwa wajen ɗari da bakwai, ja bai soke ba, fola ne.

Hamsin da bakwai na samu.

Na je ofishin malamar, dattijuwa ce mai magana a hankali, ba ta taɓa yi mini wulaƙanci ba. Ta ciro takardata, ta sa yatsa a kan rubutun da ke ƙasan akwatin, ta karanta shi har ƙarshe.

"Duk daidai ne," ta ce da Turanci. "Da yana ciki, maki biyar ne."

Na ce, "Laoshi," wato malama da harshensu, "ai ga shi kin gani da idonki."

Ta ce ta gani, amma akwai ɗalibai da yawa da suka tsaya inda aka ce su tsaya, suka bar abin da suka sani a waje, ba za ta ba ni abin da ta hana su ba. Sannan ta nuna layi biyu da rabin nan na sama ta tambaye ni, ba da gatse ba, don tana son sani, me ya sa na rubuta su. Na yi mata godiya na fito. Da zan iya jin haushinta da na sami sauƙi, amma ban iya ba, kaina kawai na tsana.

Na koma Sanyuanli da la'asar. Kawu ya dubi fuskata, ya matsar da dila na zauna. Can da dare waya ta yi ƙara, mahaifina ne daga Kano. Tun ranar da na sami tallafin nan bai ƙara kirana da sunana ba.

"Likita," ya ce, "yaya karatu?"

Na ce, "Baba, ina wuni." Na tambayi jikinsa, na tambayi Umma, na tambayi ƙannena ɗaya bayan ɗaya, da kasuwa, da maƙwabta, da ruwan bana. Yana amsawa da fara'a, yana sa mini albarka. Kawu ya daina ɗaurin da yake yi yana kallona. Ina cikin tambayar lafiyar limamin unguwarmu Baba ya ce an kira salla, zai je, Allah ya ba Likita sa'a. Na ce amin, ya kashe.