Akawu da Layin Jan Biro

A layinsu kowa Akawu yake ce masa, har yaran da bai san iyayensu ba. Shi kuwa ba akawu ba ne. Mai buga takardu ne, shekara ashirin da shida a ɗaki guda, can ƙasan bene, inda taga ɗaya ce tak kuma ba abin da take nuna maka sai ƙafafun masu wucewa. Da farko yakan gyara wa mutane, daga baya ya gaji ya bar su. Mutum ya ba ka girma kyauta, ai ba ka tsaya gardama da shi.

Ya shiga aikin yana saurayi, da tafireta mai ƙarar tsiya. A satinsa na biyu aka ba shi wasiƙa ya buga, ya ga wata kalma ta maimaitu sau uku a layi ɗaya, sai ya canza guda don ta fi daɗi. Kai, ranar ya ga ta kansa. Shugabansa na lokacin ya kira shi gaban mutane, ya yaga takardar, ya ce masa an ɗauke shi ya buga ne, ba ya yi tunani ba. Maganar nan ta zauna masa daram. Tun daga ranar, ko kuskure ya gani a rubutun manya haka zai buga shi, sai dai ya sa ɗan ɗigon fensir a gefe. Da aka kawo kwamfuta ya koya, hannu dai bai canza ba. Idonsa kan ɗauki jimla sukutum ya miƙa wa yatsu, ba ta bi ta zuciyarsa ba. Sai ya buga shafi goma, ka tambaye shi me takardar ta ƙunsa ya ce wallahi bai lura ba. Da wannan aka san shi, da shi kuma ya ciyar da mata da ’ya’ya biyar.

To, ana zaune ƙalau sai ga sanarwa. Manya duk sun iya buga abinsu da kansu, saboda haka za a rufe ɗakin masu bugu. Su goma sha ɗaya ne. Wanda ya ci jarrabawar ƙarin girma za a mai da shi sama ya zama akawu na gaske, wanda ya faɗi a sallame shi. Kashi uku ce jarrabawar, dole mutum ya ci rabin maki a kowane kashi. Biyu ba su dame shi ba. Na ukun ne ƙashin wuya: a ba ka rubutu mai kalma wajen ɗari biyar, ka taƙaita shi da kalmominka, kada ya wuce ɗari.

Yana da yaya mace, tsohuwar malamar makaranta, wadda ta shekara goma sha takwas tana duba takardun jarrabawa kafin ta yi ritaya. Ɗalibanta Jan Biro suke ce mata a bayan ido, ta kuma sani. Ita ta goya shi, don shi ne autansu, har gobe kuma Auta take kiransa ko da furfurarsa. Duk Asabar da hantsi sai ya tafi gidanta, ta zaunar da shi a teburin cin abinci mai gurguwar ƙafa, ta ba shi rubutu da minti arba’in.

Na farko a kan gobarar kasuwa ne, abubuwa uku da ke jawo ta da hanyoyi uku na hana ta. Ya rubuta tsaf, rubutu kamar na inji, ya miƙa yana jin daɗi. Ba ta ma karanta ba tukuna. Ta ɗora bakin biro tana ƙirga kalmomi, leɓenta na motsi, da ta kai ɗari sai ta ja layi ja daga gefe zuwa gefe. Sauran kalma sittin da ’yan kai a ƙasan layin. Ta ce masa duk abin da ke ƙasa mai dubawa ba zai kalle shi ba, ko da zinariya aka rubuta shi. Hanyoyin hana gobarar kuwa duk ukun a ƙasan suke.

Sannan ta koma sama. Ta ajiye rubutun asali a hagu, nasa a dama, tana bi da yatsa. Duk inda ta ga ya ɗauko jimla yadda take, sai ta ja mata layi a ƙasa. Kafin ta gama, takardar ta yi ja kamar an yanka kaza a kanta. Ta nuna masa inda ya ɓarnatar da kalma talatin a kan labarin wani mai shago da ya bar dutsen guga a kunne. Wannan misali ne kawai, in ji ta, batun shi ne sakaci da kayan wuta, kalma huɗu sun isa. Ta samu batu biyu cikin shida, ta yi musu alama a gefe.

“Auta, wannan ba taƙaitawa ba ce. Sake bugawa ka yi, sai dai takarda ta ƙare maka.”

Ya ce to ai mai rubutun ya fi shi iya faɗa, don me zai ɓata masa magana. Ta dube shi ta saman tabarau, ta ce ba wanda ya tambaye shi wa ya fi iyawa, so ake a gane ko ya fahimta.

Sati na gaba ya zo da dabara. Ya bar jimlolin a yadda suke, ya riƙa cire kalma ɗaya yana sa ’yar’uwarta. Yaya ta yi dariya har da tari, ta ce ɓarawon akuya ne ya shafa mata shuni, mai ita kuwa ya san kukanta. Ta ja layukanta kamar yadda ta saba. Ta dai rage masa fargaba guda: kalma irin lantarki ko kasuwa, wadda ba ta da madadi, ba laifi ya yi amfani da ita. Ɗauko jimla ne ba a yarda ba.

Sai ta kawo maganin da ya yi wa ɗalibanta aiki shekara da shekaru. Ya karanta sau biyu, ya rubuta batutuwan a gefe da kalma bibbiyu, ya kife takardar, sannan ya rubuta daga kansa. Ya kife, ya rubuta. Da ta kwatanta sai ta ajiye biro ta riƙe haɓa. Jimlolin mai rubutun ne suka fito ɗaya bayan ɗaya, har da waƙafi. Kife takarda ba ya hana irin wannan kai komai, abin da aka horar da shi ke nan. Ranar bai ci abincin da ta sa aka kawo masa ba. Ya ji tsoro sosai, irin tsoron mutumin da ya gane abin da ya fi iyawa a duniya shi ne zai kore shi daga aiki.

Ba wai bai yi ƙoƙari ba. Wata biyu ya yi yana fama. Tsawon dai ya kama shi, don ƙirga kalma aikinsa ne. Batutuwa ma ya fara gano su, wani lokaci huɗu, wani lokaci biyar. Amma da ya ɗora biro zai faɗi abu da bakinsa, sai hannun ya tsaya cak, ya ji kamar tsohon shugaban nan da ya daɗe da rasuwa yana tsaye a bayansa. Litinin kuma ta yi, ya sauka ƙasan bene ya buga maganar wasu har ƙarfe huɗu, duk abin da Yaya ta warware ranar Asabar ya sake ɗaurewa. Ba shi da damar barin aikin ya koyi jarrabawar, aikin kuma shi ke hana shi koyo. Matarsa ta daina tambayarsa yaya karatu, sai dai ta ajiye masa shayi ta fita.

Ranar jarrabawa daga zauren ya zarce gidan Yaya. An bar su sun fito da takardar tambayoyi, amsarsa kuwa tana kansa harafi da harafi, ya zauna ya rubuta mata ita. Ta ƙirga, kalma casa’in da takwas, babu layi a ƙasa. Ta nemi batutuwa, ta samu huɗu cikin shida. Ya fara murmushi. Sai ta ɗauko rubutun asali ta ajiye a hagu. Yana kallon biron yana tafiya, layi ɗaya, biyu, har bakwai. A cikin batutuwa huɗun, guda ɗaya kacal ya faɗa da kalmominsa. Ta rubuta bakwai bisa ashirin, ta zagaye. Goma ake nema.

“Yaya, ko mai dubawar zai fi ki sauƙi?”

“Wataƙila ya ba ka takwas,” in ji ta. Ba ta iya yi masa ƙarya ba, ko tana so.

Bayan sati biyar aka sauko da wani daftari mai shafi uku, aka ce a buga da gaggawa, a ba wanda ba ya kuskure. Shi aka ba. Ya buga kamar kullum, ido na ɗauka yatsu na zubawa, sakin layi bayan sakin layi, har ya iso jerin sunaye a shafi na uku. Sai da ya buga na biyar ya wuce zuwa na shida, sannan ya gane sunansa ne ya wuce. Ya koma farko ya karanta takardar a hankali. A shekara ashirin da shida, ita ce ta farko da ya karanta don ya ji abin da ta ce. Ya duba ko akwai kuskure, babu. Ya kai sama aka sa hannu, aka ba shi kwafinsa.

Bai iya nufar gida ba, sai ya bi ta wajen Yaya. Ya tarar da ita a bakin teburin tana tsintar wani abu a tire. Ta ga takarda a hannunsa, ta shafa aljihu ba tabarau, ta ce ya faɗa mata kawai me suka ce.

“Sun rufe ɗakinmu, Yaya. Huɗu za su hau sama, mu bakwai za mu tafi gida ƙarshen wata. Sun ce sun gode.”

Ta aika aka nemo tabaran, ta karɓi shafuka ukun. Hali zanen dutse, yatsanta ya riƙa bin layi yana neman abin da Auta ya bari. Ta kai ƙarshe, ta sake komawa. Batu huɗu ne a takardar, duka ya kawo su, kuma babu jimla ɗaya da ya ara. Jan biron yana nan kusa da hannunta a kan tebur, ba ta taɓa shi ba. Ta cire tabarau ta goge ido da bakin mayafi.

“Ba abin da ka bari, Auta,” in ji ta.

Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu. Ya ce bari ya tafi, gobe akwai aiki, an bar masa wasiƙun sauran mutum shidan zai buga.