Gurbin Saƙo Ɗaya

Tun da kunnen Baba ya mutu, da saƙon tes muke magana ni da shi. Ina koyarwa a wata sakandare a Gashua, shi kuma yana Nguru, a gidan da ya gina tun yana malamin awon kaya a tashar jirgin ƙasa. Bakinsa lafiya lau, yana magana har da ƙarfi fiye da kima, amma bai yarda ya kira mutum a waya ba. Ya ce shi ba zai tsaya yana surutu ba tare da sanin ko an ɗauka ba. Don haka kullum bayan sallar asuba nakan rubuta masa gaisuwa, kafin in gama haɗa shayi amsa ta shigo. Da "Uwata" yake farawa, don sunan mahaifiyarsa gare ni.

Ni mace ce mai saurin baki, ba na musu, kuma a wurinsa na gado. Da zafin bana ya kama, na dame shi a kan ya dawo Gashua ya zauna da mu. Tsoho shi kaɗai a gida, ba ya jin sallama, ba ya jin hon ɗin babur! Ya rubuto cewa ko jirgi ya daina zuwa Nguru shi ba ya barin ta. Raina ya ɓaci, yatsuna suka riga hankalina. Na rubuta: "Baba, wallahi ka cika taurin kai. Na gaji da kai." Na tura, wayata ta nuna saƙon ya isa.

Bai amsa ba, ni ma na yi kwana biyu ban rubuta ba. A rana ta uku kunya ta kama ni, na rubuta masa ban haƙuri mai tsawo. Saƙon ya fita daga wayata, amma alamar isarwa ta ƙi zuwa. Na sake turawa washegari, haka, har sau huɗu. Bayan wasu kwanaki sai rahoto ya dawo wai ba a isar ba. Na ce to, kashe wayar ya yi don kada ya gan ni. Na gwada kiran layin, ga shi yana shiga sarai.

Na kira maƙwabciyarsa, wata dattijuwa mai sayar da busasshen kifi, ita ke aika masa abinci.

"Inna, lafiyar Baba kuwa?"

"Ƙalau yake, 'yar nan. Ga shi can a ƙofar gida, kullum waya a hannu kamar mai jan carbi. In rubuta masa a takarda kin kira?"

"A'a, bar shi kawai."

Waya a hannu, amma ni ba a rubuto mini ba? Ai sai na hau dokin zuciya. Na ce ni ma na iya shiru. Amma ƙarya nake, ban iya ba. Ina tsaye gaban allo hankalina yana kan wayar da ke cikin jaka. Tsoro nake ji ƙwarai kada ya zama tsohon nan ya cire ni daga ransa a kan layi ɗaya, ni kuma ba ni da wani uban.

Ranar Asabar, kwana goma sha ɗaya da maganar, na shiga motar Nguru da ƙullin shinkafa da tattasai. Na shirya jawabina tsaf a hanya, rabi ban haƙuri, rabi ƙorafi.

Na same shi a kan tabarma a zaure. Ya ɗago ya dube ni, bai yi murmushi ba.

"Ashe kin san hanya," ya ce da ƙarfi. "Na ɗauka har hanyar ma kin rufe, kamar yadda kika rufe mini layi."

Na ciro littafi da biro, don haka muke yi in muna tare. Na rubuta: "Ni na rufe? Sau huɗu na turo maka!"

Ya miƙo mini wayar, 'yar ƙarama mai madannai, lambobinta duk sun goge. A saman fuskarta wani ɗan ambulan yana ta ƙiftawa.

"Kin gani? Saƙo yana hanya, an tare shi. Kwana da kwanaki ina kallonsa, ya ƙi ƙarasowa."

Na dafe kai. Wannan kam na san shi. Ambulan mai ƙiftawa ba saƙo a hanya yake nufi ba, akwati ne ya cika. Irin waɗannan ƙananan wayoyin suna da iyakar abin da suke ɗauka, in sun cika sabon saƙo ba shi da wurin sauka. Kamfanin layi zai riƙe shi, ya yi ta gwadawa na ɗan lokaci, in wa'adinsa ya ƙare ya watsar. Ban haƙurina huɗu duk sun bi ruwa.

Na buɗe akwatin. Saƙonnina ne reras, tun daga watan da ya fara kurumcewa. Na wasu yana gogewa, nawa bai taɓa goge ko ɗaya ba. A can sama kuwa, na ƙarshen da ya sami gurbi kafin akwatin ya cika: "Na gaji da kai." Kwana goma sha ɗaya, duk sanda ya buɗe wayar, abin da yake fara gani ke nan. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Amma saura rabin matsalar. Cikar akwatin shiga ba ta hana fita, to me ya hana nasa zuwa? Na duba, yana da kuɗi a layin, sabis a cike. Na gwada tura wa kaina saƙo daga wayarsa. Ta yi ta nuna tana turawa, tana turawa, can ta ce bai tafi ba. Nan ilimina ya ƙare. Na rubuta masa cewa zan kai ta wurin mai gyara. Ya ce wayarsa ba ta zuwa ko'ina ba shi. Ya ɗauki hula, muka tafi.

Mai gyaran yana bakin kasuwa, magidanci ne mai gilashi, Hausarsa da karin Barebari. Na yi masa bayani. Ya ce abu mafi sauƙi a share akwatin gaba ɗaya.

"Malam, ka share kuwa yau za ka ga rigima," na ce. "Ka bar akwatin, ka duba mini fita kawai."

Ya yi dariya. "Kira yana shiga, kuɗi akwai, tes ba ya fita? Malama, bari mu ga lambar cibiya."

Ya ce kowane saƙo ba kai tsaye yake zuwa wurin mai shi ba. Sai ya fara sauka a cibiyar saƙo ta kamfanin layin, daga can a wuce da shi. Lambar cibiyar tana ajiye a kan sim, ba wanda ya damu da ita. In ta lalace ko an canza ta, za ka iya karɓar saƙo, za ka iya kira, amma naka ba ya fita. Ya shiga saitin saƙo ya buɗe wurin, ya tsuke fuska.

"Kai! Wannan ai lambar mutum ce. Wa ya saka wannan?"

Ya fara karantowa. Kafin ya kai rabi na ƙarasa masa da baki. Lambata ce.

Na juya na nuna wa Baba wurin, na buɗe hannu alamar tambaya. Ko a jikinsa.

"Ni na gyara," ya ce, duk layin masu gyara suna ji. "Da na ga naki sun daina zuwa sai na shiga bincike. Na tarar da wata baƙuwar lamba a wurin, ban san mai ita ba. Na ce ashe nan ake karkatar da saƙonnin. Na goge na sa ta Uwata. Ni wa nake rubuta wa in ba ita ba?"

Mai gyaran ya yi ta dariya har da cire gilashi. Ni kuwa na kasa. Na rubuta wa Baba: "Tashar da kaya suke sauka ka rushe, ka sa adireshin gidana." Ya karanta, sannan ya ce, "To ai sai su rubuta tasha, ba cibiya ba." Baba ke nan, bai taɓa yin kuskure ba, sai dai a rubuta abu ba daidai ba.

Mai gyaran ya ɗauko wayarsa mai layi irin na Baba, ya kwafo lambar cibiyar daidai, har da alamar tarawa da lambar ƙasa a gabanta. Ya ce in gwada. Na buɗe akwatin fita, ban da nawa na gwaji, na tarar da saƙo shida a maƙale, duka zuwa gare ni. Na sake tura na farko. Jakata ta yi ƙara.

Ban karanta a kasuwa ba, sai da muka koma zaure. Na tura sauran ɗaya bayan ɗaya, yana kallona ta gefen ido. Na farko ya ce: "Uwata, an tashi lafiya?" Na biyu ma haka. Na uku: "Kifi ya yi araha, in aiko miki?" Na huɗu ya ba ni labarin zafi. Na biyar gaisuwa ce kawai. Na shida ya ce: "Uwata, in kin gaji ki huta. Ni ban gaji ba."

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Ya kau da kai yana gyara hularsa har na gama.

Na rubuta masa cewa dole a goge wani abu, in ba haka ba nawa ba zai sake shigowa ba. Na ce zan sayo littafi in kwafe masa tsofaffin duka da hannuna kafin a taɓa su. Ya yarda da wannan, amma ya ce yau ɗaya kawai za a goge, kuma shi zai zaɓa. Ya karɓi wayar, ya kai ta kusa da ido, ya danna na can sama. Bai tsaya sake karantawa ba. Ambulan ya daina ƙiftawa.

Na zaro tawa da sauri. Kafin in rubuta kalma uku wayarsa ta yi haske. Tallar kamfani ce, wai ya sayi waƙar kira! Kurma! Ta cinye gurbin. Na yi tsaki na goge ta, shi kuwa dariya har da tari.

Jawabin da na shirya a mota duk ya gudu. Muna zaune a tabarma ɗaya, gwiwata tana taɓa tasa, na rubuta: "Baba, ka yafe mini." Na tura. Wayar ta girgiza a hannunsa, tawa ta nuna ya isa. Ambulan ya koma ƙiftawa, akwati ya sake cika.

Ya karanta, ya daɗe yana kallo. Sannan ya sa wayar a aljihun gaba ya dafe ta.

"Ki kwafe sauran ki goge," ya ce. "Wannan kam a bar mini shi a sama."