Fankar Aro a Makarantar Masta Tahidu

Masta Tahidu mutum ne da ba a taɓa ganinsa zaune daram. Ko a kujera yake, ƙafarsa na kaɗawa, hannunsa na fifita da rajistar aji. Shekara goma sha ɗaya yana shugabantar wata ƙaramar firamare a Sabonjida, azuzuwa shida ƙarƙashin rufin kwano guda, tagoginta bulo ne mai huji-huji, wanda ba ya shigo da iska kuma ba ya shigo da haske. Babu wuta a makarantar. A watan Maris, da rana ta take, ajin kan koma kamar tanda. Yara su yi ta gyangyaɗi, na baya ba sa ganin allo, wasu in sun fita tara ba sa dawowa.

Abin da ke cin ransa ke nan. Ga shi a Nuwamba zai cika sittin, ritaya dole, shi kuwa ya ƙudurta ba zai bar makarantar yadda ya same ta ba.

Sai ya rubuta wa asambili takarda, wato majalisar ƙaramar hukuma, yana roƙon sola: faranti a kan rufi, batir, ƙwan fitila da fanka biyu-biyu a kowane aji. Bai yi garaje ba. Ya sa yawan ɗalibai, ya haɗa da ƙiyasin mai haɗa sola, Hajiya Abibata shugabar kwamitin makaranta ta sa hannu, ya buga hatimi, ya bi da takardar ta ofishin ilimi kamar yadda ƙa'ida ta ce. Daga nan fa ya hana masu ofis sakat. Babur ɗinsa ya san hanyar har ya gaji da ita.

Wata uku ana haka, aka kira shi: injiniya zai zo ranar Laraba ya duba, kafin a tsara ayyukan baɗi. Masta ya kasa tsaye ya kasa zaune. Ya garzaya gidan Hajiya.

"Baƙo daga asambili, Masta?" in ji ta. "A wannan zafi za ka zaunar da shi? Kai, kunya zai kama mu!"

Wallahi shi ma abin da ke ransa ke nan. Shi da ko mai gyaran takalmi ya leƙo makaranta sai ya miƙe ya ba shi kujerarsa. Kafin Laraba an aro fanka biyu na tsaye daga masallacin unguwa, an aro ƙwan fitila, an ja doguwar waya daga shagon wani tela ta bayan katanga, an binne ta da ƙasa don kada baƙo ya yi tuntuɓe. Aji shida ya yi fes.

Injiniya Yazeed ya zo da ƙarfe sha ɗaya, saurayi mai ladabi, makarantu huɗu na jiransa. Masta ya ja shi kai tsaye aji shida, ya zaunar da shi tsakanin fanka biyu. Ya sha iska, ya auna rufi da ido, ya yi 'yan rubuce-rubuce, ya yi godiya ya tafi. Sauran azuzuwan, inda yara ke dahuwa, Masta da kansa ya tare hanya, wai ba su dace da baƙo ba.

Da jerin ayyuka ya fito, babu sunan makarantarsa. Ya hau babur ko hula bai sa ba.

Yazeed ya buɗe fayil ya nuna masa: an ga wuta da fanka suna aiki, buƙatar ba ta gaggawa ba ce.

"Na aro ne!" in ji Masta. "Saboda kai muka aro!"

Yazeed ya dafe kai. "Masta, ai da ka faɗa mini. Abin da ido na ya gani shi na rubuta. Yanzu an riga an zauna, an rufe. Ka sake rubutawa, baɗi ni da kaina zan zo."

"Baɗi," in ji Masta a hankali. Bai gaya masa cewa kafin nan ya yi ritaya ba. Ga shi babu wanda zai zarga sai kansa.

A makonsa na ƙarshe ya sake rubuta takardar, kalma bayan kalma, ya bar wurin sa hannu fili. Ya kira mataimakiyarsa, Madam Mulikatu, ya miƙa mata, yana kai yana komowa a ɗan ofishin.

"Ran da injiniya zai zo, ki kai shi aji ɗaya, ƙarfe ɗaya na rana. Ki rufe ƙofa. Kada ki ba shi kujera, kada ki ba shi komai."

Ta ce to. Ya kai bakin ƙofa, ya tsaya, ya daɗe yana murza makullin babur.

"Ruwa dai," ya ce, bai waiwayo ba. "Ruwa ki ba shi."