Madarar Mutum Ɗaya

Shekarata ta farko a Turai, kantuna biyu ne kusa da ɗakin kwananmu na ɗalibai. Na ƙasan bene yana sayar da madara kwalba ɗaya fam ɗaya da kwabo ashirin. Na ƙetaren gada kuwa ya rataya allo: kwalba uku, fam uku. Kowace kwalba kofi huɗu take bayarwa. Na tsaya gaban firjinsu na raba: can kofi kwabo talatin, nan kwabo ashirin da biyar. Na ce lallai yau 'yar Fulani ta yi wa Bature wayo.

Amma gaskiya hankalina ba ya kantin. Farin nan da ya jeru cikin sanyi ya mayar da ni rugarmu a bayan Dutse, da hantsi, Inna kakata tana tatsa, maraƙi yana tunkuɗar gwiwarta, ƙannena sun tsuguna kowa da ludayinsa. Har ƙamshin hayaƙin turke na ji. A haka na biya, na ɗauko uku, na haye gada kamar mai tafiya cikin barci.

Sai a ɗaki na duba ranar lalacewar da aka buga a wuyan kwalba. Saura kwana huɗu. Ni kuwa kofi ɗaya nake sha a yini. Kofi huɗu a fam uku ke nan, kowanne kwabo saba'in da biyar. Araha ba ta ado, in ji masu magana.

Asarar kuɗin ba ita ta dame ni ba. A gidanmu ba a zubar da nono. Ko ɗigo ya zuba ƙasa sai fuskar Inna ta canja. Na bi ƙofofin maƙwabta ina ƙwanƙwasawa, ashe hutu ne, duk sun watse.

Na tafasa kwalba biyu, na bari ta huce, na sa cokalin yogot na kanti a matsayin iri, na rufe tukunyar da mayafina kusa da na'urar ɗumama ɗaki. Da safe na tarar madarar ta yi barci, ta kama kirtif. Daɗi ya cika ni, na kira wayar kawuna na ce a miƙa wa Inna.

“Inna, na yi kindirmo a ƙasar Turawa.”

Ta yi dariya har da tari. “Ke da ko faifai ba ki iya rufewa? Nawa kika yi?”

“Ya kai ƙwarya guda.”

“Madalla. Ku nawa ne a gidan?”

“Ni kaɗai ce, Inna.”

Ta bayanta ina jin kukan saniya da muryar yara suna rigima a kan wani abu. Kewa ta kama ni.

Can ta ce, a hankali, “To wa zai ce miki ya yi daɗi?”