Gyaran da Na Yi wa Sannu-sannu

A ɗakin gwaje-gwajen asibitinmu, Sannu-sannu muke kiranta. Sai na gama duba majinar mutum goma a madubin ƙwayoyin cuta tana kan na huɗu. 'Yar tela ce, da kyar ta gama digiri, ba ta taɓa cin kyautar ko biro ba. Ni kuwa na fita da sakamako mafi kyau a ajinmu, kuma ban bar kowa ya manta ba.

Da aka buɗe neman tallafin karatun digiri na biyu a ƙasar waje, ni da ita duk muka nema. Ana son bayani na kalma ɗari biyar: me ya kawo ka wannan fanni, me za ka yi in ka dawo. Na jera lambobin yabona da kwasa-kwasaina reras, duk da suna cikin takardar tarihin aikina da na haɗa.

Saura kwana biyu a rufe, ta turo min nata a waya.

"Yaya, don Allah duba min. Kin fi ni iya waɗannan abubuwa."

Labarin wani direba ta rubuta. A shekararta ta farko a aiki ta duba majinarsa a gurguje, ta ce ba tarin fuka. Bayan wata biyu ya dawo, riƙe da 'yarsa tana tari, ashe yana da cutar har ya sa mata. Ta faɗi laifinta ƙarara, ta faɗi yadda tun ranar ba ta ɗaga ido sai ta bi gilashin da aka shafa wa majina kaf, ta kuma bayyana abin da take son koyo don kada sakamako ya dogara ga gajiyar idon ma'aikaci.

Sau uku na karanta. Wallahi hassada ce ta turnuƙe ni. Shekara takwas muna zama benci ɗaya, ina mata kallon mai nawa, ashe ita ce take da abin faɗa. Na san in ni ce mai zaɓe, ita zan ɗauka.

"Ke, kina da hankali kuwa?" na ce. "Wa zai kashe kuɗinsa kan mai tallan kuskurenta? Cire direban nan, ki jera takardunki."

"Ai ba su da yawa, Yaya."

"Ki ja su su yi tsawo."

Ta cire, har da yi min godiya.

Bayan wata uku amsa ta zo. Ko ganawa ba a kira ɗayanmu ba. Daɗi na ji da na ga tata, ba zan ɓoye ba.

Ta cire safar hannu, ta wanke hannu a famfo, ta ce, "Ke ma da kike da komai ba su ɗauke ki ba, balle ni. Na haƙura, Yaya. Ba zan sake nema ba."

Na buɗe baki, sai na tuna baɗi zan sake nema, kuma guraben ba yawa.

"Haka ne," na ce. "Miƙo min wancan gilashin."