Baitocin Malama Souwaiba da gwiwar Inna Ramata

Ku matso, ku gyara zama, in ba ku labarin Souwaiba, mai ɗinkin alabe na fata a tsohon garin Agadez.

Tun tana ƙarama mahaifinta ya haddatar da ita baitocin Larabci kan hukuncin salla. Yana rerawa, yana buga gwiwa, tana bi. Ya rasu kafin su kai ga fassara. Da ta manyanta, matan unguwa suka fara zuwa tsakar gidanta bayan la'asar, suna zama kan tabarmarta suna ɗaukar karatu, suna ce mata Malama. Ita ma ba ta hana ba.

Koyarwarta kuwa tana kamawa. Ta faɗi baiti sau uku, su maimaita sau goma da tafi a cinya, ta ƙara na gaba, su koma tun daga farko. Gobe sai an yi tilawar na jiya kafin a taɓa sabo. Inna Ramata, tsohuwa mai sayar da albasar Tabelot, ta haddace baiti sittin a haka. Sau biyu ta tambaya, "Malama, wannan me yake cewa?"

"Haddace tukuna, Inna. Ma'ana ba ta gudu."

Wata Alhamis Malam Alkasum, limamin unguwa, ya zo jin karatunsu. Ramata ta rera babin mantuwa a salla tas, ko tuntuɓe babu. Tana gamawa ta miƙe ƙafa da nishi.

"Gwiwar ce, Inna?"

"Ita ce, Allah gafarta Malam. Lokotoro a asibiti ya ce in rage durƙuso. Ta yaya? Jiya na manta zaman tahiyar farko, sai da na sake azahar ɗungurungum. Wata rana sau uku!"

Malam ya ce, "Ai baitin da kika rera yanzu shi ya ce ki yi sujada biyu kafin sallama, ƙabli ke nan, salla ta cika."

Ramata ta juyo. "Malama, shekara biyu maganin yana bakina?"

Souwaiba ta ji kamar ƙasa ta tsage. Ƙabli ta san shi tun tana budurwa. Abin da ba ta sani ba shi ne wannan baitin ke faɗinsa, kuma ba ta taɓa tambayar yadda ɗalibanta ke salla ba.

"Ban san fassarar baitocin ba," ta ce, kanta a ƙasa. "Ko ɗaya."

Yanzu kowace safiya tana zuwa wurin Aissa, matar liman, wadda ta san Larabci, ta ɗauko ma'anar baiti biyu. Da yamma ta fara bayaninsu da Hausa, kowa ta kawo misali daga sallarta, sannan a rera. Mata huɗu sun daina zuwa. Ramata tana nan, amma "Souwaiba" take ce mata, ba Malama ba, ita kuwa ba ta gyara mata ba.

Da ku ne, za ku koma kan wannan tabarmar?